Ya karɓi dizain ya riƙe cikon kuɗi: yadda ake rubuta takardar neman biya

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mai dizain ne a Samaru, aikin kaina nake yi. Wani Alhaji mai sana'ar yogot a Sabon Gari ya ba ni aikin tambari da sitikar roba da allon shago a kan naira 450,000. Ya ba ni 180,000 kafin alƙalami, daga baya ya ƙara 120,000. Na gama na miƙa, kayansa ma suna kasuwa da dizain ɗina, amma cikon 150,000 wata uku ke nan sai "gobe in sha Allah". Akwai kuma ƙarin gyara na 40,000 da muka yi magana da baki. Ba mu sa hannu a takarda ba, komai a WhatsApp ne. Yaya zan rubuta masa takardar neman biya wadda za ta yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ɗora hannu a kan kwamfuta, ka sa a ranka cewa mutum biyu ne za su karanta wannan takarda. Na farko Alhaji, na biyu alƙalin da watakila za a miƙa wa ita bayan wata biyu ko uku, wanda bai san ka ba, bai san Alhaji ba, bai kuma ga daren da ka raba kana gyaran kalar sitika ba. Duk jimlar da za ka rubuta, ka auna ta da idon wannan alƙali. In za ta taimake shi ya gane wa ke bin wa, nawa ne, tun yaushe, ka bar ta. In huce haushi ce kawai, ka goge ta.

Rashin sa hannu a takarda kada ya karya maka gwiwa. Yarjejeniyar aiki irin wannan tana ƙulluwa da baki ko da saƙon waya, matuƙar an ga tayi, an ga amincewa, an ga farashi. Kuɗin da ya turo maka har sau biyu ma hujja ce babba, domin ba a tura wa mutum 300,000 haka siddan. Abin da ya rage shi ne ka tattara waɗannan hujjoji tun kafin takarda ta isa hannunsa, saboda da zarar ya karanta zai fara kaffa-kaffa da bakinsa.

Ka buɗe hirarku a WhatsApp, ka yi amfani da `Export chat` tare da hotuna da saƙonnin murya, ka ajiye kwafi a imel ɗinka da wani wuri daban. Ka duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu. Daga cikin hirar wurare huɗu kake nema: inda aka faɗi farashi ya amsa, inda ka tura aikin ƙarshe, inda ya ce aiki ya yi, da duk inda ya ce "zan turo" ko "ka ƙara haƙuri". Wannan na ƙarshen ya fi sauran daraja, domin wanda ya ce a ƙara masa haƙuri ya riga ya amsa cewa ana bin sa. Saƙonnin murya ka saurare su ka rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma, da rana da lokaci. Sai ka je banki ka karɓi takardar bayanan asusunka mai hatimi wadda ta nuna shigowar 180,000 da 120,000, domin hoton alat kowa na iya ƙirƙirarsa. Ka sayi roba ɗaya ta yogot ɗin a shago, ka karɓi rasit in ana bayarwa, ka ɗauki hoton allon shagonsa. Wayar da kuka yi hirar da ita kuma kada ka sayar, kada ka yi mata wankin ciki. Sashe na 84 na dokar ba da shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, amma yana neman a bayyana na'urar da aka fitar da ita da yadda aka fitar, tare da tabbatar da cewa tana aiki daidai a lokacin. Idan wayar tana hannunka wannan abu ne mai sauƙi.

Sai maganar wanda za ka rubuta wa, inda masu aikin kansu da yawa ke tuntuɓe. Ka duba jikin robar yogot ɗin ko tsofaffin fayilolin da ya ba ka, ka ga cikakken sunan sana'ar, sannan ka bincika shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Idan sunan ya ƙare da `Ltd` ko `Limited`, kamfani ne mai zaman kansa a idon doka, daban da Alhaji. In da sunan kamfanin aka ba ka aiki, shi kake bi, kuma sunansa za ka sa a sama da adireshin ofishinsa, ka ƙara cewa a miƙa wa shugabansa. Idan kuwa rajistar sunan kasuwanci ce kawai, mai lamba da ke farawa da `BN`, ko ma babu rajista sam, to Alhaji da kansa kake bi, sai ka rubuta cikakken sunansa ka ƙara da "mai kasuwanci da sunan kaza". Ka duba sunan asusun da kuɗi suka fito, zai haska maka. Kuskure a nan yana jawo ranar da ka je kotu lauyansa ya miƙe ya ce ba wanda ya dace aka kawo ba, a ɓata maka watanni a kan suna.

Yanzu lissafi. Adadi ɗaya tak ya kamata ya tsaya a takardar a matsayin abin da kake nema, kuma ya zama wanda za ka iya karewa naira da naira. 450,000 a cire 180,000 a cire 120,000, saura 150,000. Wannan babu ja a kansa. Matsalar tana ga 40,000 na gyara. In ka cusa shi ka rubuta 190,000 kai tsaye, ka ba Alhaji ƙofar da yake nema: zai ce "ni ban san da wannan lissafi ba", sai gardama ta koma kan 40,000, a manta da 150,000 ɗin da ya tabbata. Shawarata ita ce kwana biyu ko uku kafin ka aika takarda, ka tura masa saƙo cikin ladabi: "Alhaji barka da yamma. Ina daidaita lissafina ne. Cikon aiki 150,000, gyaran sitika na ƙaramar roba da muka yi magana 40,000. Haka ne ko akwai gyara?" In ya amsa da "haka ne" ko "zan duba in turo duka", ka samu hujja, sai ka nemi 190,000 gaba ɗaya. In ya yi shiru ko ya musa, ka nemi 150,000, ka ambaci 40,000 a sakin layi na daban, ka ce ba ka yafe shi ba. Doka tana iya ba mutum ladan aikin da aka sa shi ya yi kuma aka amfana da shi ko da ba a yanke farashi a rubuce ba, sai dai wannan yana buƙatar ka nuna cewa shi ya nemi gyaran, kuma gyaran ya wuce abin da farashin farko ya ƙunsa.

Kada ka ɗora kuɗin ruwa ko tarar jinkiri. Ko a kotun da ba ta Musulunci ba, ba a cika ba da ƙari a kan bashi na lokacin da ya wuce ba sai an yi yarjejeniya a kansa tun farko ko al'adar kasuwancin ta tabbatar da shi. A nan Zariya kuma ka san abin da zai biyo baya: Alhaji zai ɗauki takardar ya nuna wa mutane cewa yaro yana neman riba a wurinsa, kai mai gaskiya ka koma mai kare kai. Haka kuɗin data, kuɗin mota daga Samaru zuwa Sabon Gari, da "ɓata min lokaci", duk ka bar su.

Ga yadda takardar za ta kasance. Ranakun na misali ne, ka sa naka na gaskiya:

> (Sunanka, adireshinka, lambar waya)
> 7 ga Yuli, 2025
>
> Zuwa ga (cikakken sunan Alhaji ko na kamfani, da adireshi)
>
> NEMAN BIYAN CIKON KUƊIN AIKIN DIZAIN: NAIRA 150,000
>
> Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.
>
> 1. Ranar 10 ga Fabrairu, 2025, mun amince ta WhatsApp cewa zan yi maka tambari, sitikar robar yogot da dizain ɗin allon shago a kan naira 450,000.
> 2. Ka biya 180,000 ranar 12 ga Fabrairu, da 120,000 ranar 14 ga Maris. Jimilla 300,000.
> 3. Na miƙa aikin duka ranar 28 ga Maris. Ranar 29 ga Maris ka rubuto cewa aiki ya yi, a kai wa masu bugawa. Tun daga lokacin ana amfani da dizain ɗin a jikin kayanka da allon shagonka.
> 4. Na aiko da inbois na ƙarshe mai lamba (kaza) ranar 2 ga Afrilu, wanda wa'adin biyansa ya cika ranar 16 ga Afrilu. Na tuna maka ranar 5 ga Mayu da 9 ga Yuni, ka ce za ka turo. Har yau ban karɓi komai ba.
> 5. Ina neman ka biya cikon naira dubu ɗari da hamsin (150,000) cikin asusun da ke ƙasa, kafin ƙarfe 4 na yammacin Litinin, 21 ga Yuli, 2025.
> 6. Idan kana ganin akwai kuskure a wannan lissafi, ka bayyana shi a rubuce kafin wannan rana.
> 7. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, zan shigar da ƙara a kotu don neman wannan kuɗi da kuɗin shigar da ƙara, ba tare da wata sanarwa ba.
> 8. Wannan takarda ba ta shafi naira 40,000 na ƙarin gyaran sitikar ƙaramar roba ba. Haƙƙina a kansa yana nan.
>
> (Sunan banki, sunan asusu, lambar asusu)
>
> Na haɗa da kwafin inbois, bayanan banki, da saƙonnin 10 ga Fabrairu, 29 ga Maris, 5 ga Mayu da 9 ga Yuni.
>
> Na gode. (Sa hannu da suna)

Ka lura shafi ɗaya ce, kuma ta buɗe da "ranka ya daɗe". Girmamawa ba ta rage wa takarda ƙarfi, tana ma toshe bakin wanda zai ce ka yi wa babba rashin kunya. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne ranaku da alƙaluma. Layi na 3 ya fi kowanne nauyi, domin ya tabbatar da abu biyu da mai riƙe kuɗi ke son musawa daga baya: ya karɓa, kuma ya gamsu. Mutumin da ya ce a kai wa masu bugawa, ya buga dubban sitika ya liƙa, zai yi masa wuya ya dawo bayan wata uku ya ce aikin bai yi ba. Layi na 6 kuwa ƙofa ce ta adalci, tana kuma yi maka aiki ta kowace fuska. In yana da ƙorafi na gaskiya za ka ji shi tun yanzu ka shirya. In ya yi shiru, alƙali zai ga an ba shi dama bai ce komai ba.

Game da wa'adi, ka rubuta rana da sunanta. "Cikin mako biyu" yana haifar da gardamar daga yaushe aka fara ƙirga, kuma ko Asabar da Lahadi suna ciki. Kwana 7 ya isa ga mutumin da shi kaɗai ke riƙe da asusunsa kuma an sha tuna masa. Kwana 14 ya fi dacewa da kamfanin da sai akanta ya shirya, wani ya sa hannu. Ƙasa da kwana 7 yana kama da neman fitina, fiye da kwana 21 kuma yana nuna ba ka matsu ba.

Da wane harshe? Da wanda Alhaji ke karantawa da kansa, don kada ya ce ba a fassara masa daidai ba. Amma ka sani harshen kotun majistare da manyan kotuna Turanci ne, kuma takardar Hausa sai an haɗa ta da fassara. Mafi sauƙi ka shirya biyu, ta Hausa da ta Turanci, alƙaluma da ranaku iri ɗaya, ka aika su tare. Wani abu kuma: akwai samfurin takardu da ke yawo a intanet masu ɗauke da kalmomin `Without Prejudice` a sama. Kada ka kwafa. Ana sa su ne a takardun tattaunawar sulhu don kada a yi amfani da su a matsayin hujja a kotu, alhali kai hujja kake ginawa.

Sai abubuwan da bai kamata su shiga ba, kuma a nan nake roƙonka ka danne zuciya. Kada ka ce za ka kai shi wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Rashin biyan cikon kuɗin aiki saɓa yarjejeniya ne, ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda aka sa aka tsare a kan bashi yana iya kai ƙarar tauye masa haƙƙi, a ci wanda ya kai shi tarar da ta fi bashin. Inda lamarin ke canzawa shi ne idan ya ba ka cek ka kai banki cikin wata uku aka dawo da shi saboda babu kuɗi, wannan laifi ne a dokar cek ta 1977, mai hukuncin ɗaurin shekara biyu. Kai ba a ba ka cek ba, don haka ka bar wannan hanya.

Kada ka ce za ka tona shi a Facebook ko ka sa hotonsa a sitatus. Kada ka kira shi ɗan damfara, macuci ko maci amana, ko a takarda ko a waje. Ɓata suna da tsoratarwa laifuka ne a kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Da jimla ɗaya ta fushi sai mai bin 150,000 ya koma mai neman beli. Haka nan idan akwai shafinsa na talla ko wani asusu da kalmar sirrinsa ke hannunka, kada ka kulle, kada ka goge komai, kada ka ambaci hakan a matsayin barazana.

Akwai makami ɗaya na halal da masu dizain ke da shi, sai dai yana son a riƙe shi da hankali. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wanda ya ƙirƙiri aiki shi ne mai haƙƙinsa tun farko, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Tun da ba ka rubuta ka miƙa ba, kana da hujja mai kyau cewa mallakar tambarin tana hannunka. Amma dokar ta yarda cewa izinin amfani yana iya tabbata da baki ko da halayyar mutane, kai kuma da hannunka ka ba shi fayil ka san bugawa zai yi. Saboda haka kada ka rubuta cewa ya saci aikinka ko ya sauke allo cikin kwana uku. Shari'ar haƙƙin mallaka ma Babbar Kotun Tarayya ce ke jin ta, wato sai ka je Kaduna da lauya, kuma ɗawainiyarta za ta cinye 150,000 ɗin. Abin da za ka iya ƙarawa shi ne jimla ɗaya mai sanyi: "Da zarar an kammala biya, zan miƙa takardar mallakar tambarin da ainihin fayilolin aiki." Wannan yana aiki sosai idan PDF ko PNG kaɗai ka ba shi, fayilolin CDR ko AI ko PSD suna wurinka. Ranar da zai canza girman roba, ko ya ƙara sabon ɗanɗano, ko ya nemi yi wa tambarin rajista, zai buƙace su. In ka riga ka miƙa komai, ka tsaya ga takardar mallaka kawai.

Isar da takarda rabin aiki ne. Ka buga kwafi biyu ka sa hannu a kowanne. Ka je da mutum ɗaya baligi mai hankali wanda zai iya tsayawa shaida, ko ka aike shi. A miƙa ɗaya a cikin ambulan, a nemi wanda ya karɓa ya rubuta sunansa, matsayinsa, rana da lokaci a kan kwafinka, ya sa hannu, in akwai hatimi ya buga. Alhaji da kansa, ko manaja, ko sakatare. Mai gadi ko yaron shago ba su wadatar ba, domin gobe za a ce takarda ba ta iso ba. In sun ƙi sa hannu kada ka tsaya cacar baki a gaban masu sayayya. Ka fita, shaidarka ya rubuta abin da ya faru a ranar, sai ka aika ta gidan waya da EMS ko wani kamfanin aika saƙo mai ba da rasit da lambar bibiya, ka adana rasit ɗin da shaidar isarwa. A ranar kuma ka tura kwafin PDF ta WhatsApp da imel in yana da shi, ka ɗauki hoton fuskar wayarka da ke nuna saƙon ya shiga. Kada ka aika kwafi ga abokan cinikinsa, surukansa ko zauren 'yan kasuwa.

Daga nan ka yi shiru har ranar ta cika. Kiran waya kullum bayan an aika takarda yana mayar da ita saƙon tuni na goma sha ɗaya.

Abin da ya fi faruwa a garin nan shi ne ba Alhaji zai amsa ba, wani dattijo ne zai kira ka: limamin unguwa, shugaban layinsu a kasuwa, ko wanda ya haɗa ku tun farko. Kada ka ƙi zuwa. Sau da yawa wannan zama yana fitar da kuɗi da sauri fiye da kotu, kuma su kansu dattijan sun san hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kamar yadda suka san umarnin a saurara wa wanda yake cikin ƙunci. In da gaske kasuwa ce ta juya masa baya, sassauci abu ne mai kyau, bashi hanji ne. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne kada a tashi da "an sasanta, zai biya" kawai. A rubuta a wurin, a takarda ɗaya: ya amince ana bin sa 150,000, zai biya 50,000 ranar 31 ga Yuli, 50,000 ranar 31 ga Agusta, 50,000 ranar 30 ga Satumba, in ya saɓa ko sau ɗaya, duk abin da ya rage ya zama abin biya nan take. Shi ya sa hannu, kai ka sa, shaidu biyu su sa. Wannan takarda ta fi duk hirar WhatsApp ɗinku ƙarfi. In an nemi ka yafe wani abu, 40,000 ɗin gyara shi ne abin da za ka iya sakin hannu a kansa, da sharaɗin yafiyar ba ta tabbata sai an biya kashi na ƙarshe.

In kuma alat ɗin 60,000 ka gani ba tare da magana ba, ka karɓa, amma ka rubuta masa a ranar: "Na ga 60,000, na gode. Na karɓa a matsayin wani ɓangare. Saura 90,000, wa'adin 21 ga Yuli yana nan." Ka duba bayanin da ya rubuta a jikin tiransifa. In ya sa wani abu mai nuna biyan ƙarshe ne, wannan saƙo naka shi zai hana a ce ka amince da ragi.

Zai iya fito da ƙorafin aiki: kala ta fita daban a jikin roba, rubutu ya dushe, allo ya yi dishi-dishi. Ka amsa a rubuce, a taƙaice, da gaskiya. Ka duba fayil ɗin da ka miƙa. In CMYK ne a 300 dpi da girman da aka nema, kuma ya amince da samfur kafin bugu, to matsalar daga wurin bugawa take, ka faɗi haka ka haɗa hujja. In kuwa RGB ka miƙa ko ka manta ka mayar da rubutu zane har injin ya canza salon harafi, laifin naka ne, kuma gara ka yi tayin gyara kyauta ko ragi mai ma'ana tun yanzu da a bankaɗo shi a gaban alƙali.

Idan 21 ga Yuli ta wuce shiru, ka yi abin da ka ce, cikin makon. Wanda ya aika "sanarwar ƙarshe" sau uku ya koya wa wanda yake bi cewa kurari ne kawai. Hanya biyu ke gabanka a Zariya. Tun da ku duka Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci tana jin ƙarar bashi, da Hausa ake yi, kuma mutum yana tsaya wa kansa. Akwai kuma kotun majistare, wadda a shari'ar bashi take zama a matsayin kotun disitirik, ita ce ta fi dacewa idan kamfani mai rajista kake bi. Jihohi da dama sun buɗe sashen ƙananan basussuka a waɗannan kotuna, Legas a 2018, Kano a 2019, inda ake cike fom ba sai da lauya ba, kuma matakin farko a tsarin shi ne takardar neman biya, wani lokaci a kan fom ɗin kotun. Don haka tun kafin ka aika taka, ka leƙa ofishin rajistara a kotun da ke yankin shagon Alhaji, ka tambaya ko za a shigar da ƙarar ta wannan hanya, ko suna da fom nasu, da nawa ne kuɗin shigarwa da na kai sammaci. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit.

Takardar lauya mai hatimi tana girgiza wasu fiye da taka, musamman kamfani. Amma a kan 150,000 ka fara da taka, domin kuɗin lauya daga aljihunka zai fita, kuma kotuna ba su cika ɗora shi a kan wanda aka kayar ba. In Alhaji ya amsa ta bakin lauyansa, ko ya ce shi ma yana bin ka diyyar sitikar da ta lalace, a nan ne ya kamata ka nemi naka, ka tafi masa da fayil ɗin hujjojinka a jere bisa rana. Doka tana ba da shekara biyar ko shida, gwargwadon jiha, kafin ƙarar bashin yarjejeniya ta mutu, sai dai waya tana lalacewa, shaida yana ƙaura, sana'ar yogot ma tana iya rufewa tun kafin shekara ta zagayo. Ka tura saƙon daidaita lissafi yau, ka karɓo bayanan banki gobe, takarda ta isa Sabon Gari ranar Litinin.